Wannan layin na II, sitayil ne ko filamen?

Rabi:
Salamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Ina da tambaya a kan wani zane a takardar gwajin bayoloji ta shirin Wayek. Zanen fure ne da aka tsaga biyu daga sama zuwa ƙasa, an ja layuka huɗu an sa musu I, II, III da IV. Layin I ya tsaya a kan wani ɗan dunƙule a can saman tsakiya. Layin II ya tsaya a kan wani siririn kara. Layin III ya shiga cikin kumburin ƙasa ya taɓa ɗaya daga cikin ƙananan ƙwallayen da ke ciki. Layin IV yana kan ɗan ganyen da ke waje. Na rubuta sitayil a II, amma amsar da ke bayan takarda ta ce filamen. To dukansu siraran karare ne, kuma hoton fotokwafi ne, ya dushe. Ta yaya ake bambance su?

Auwal:
Wa alaikumus salam. Ai da sauƙi. Wanda ya fi tsawo, kuma yake tsakiya, shi ne sitayil. Gajerun da ke kewaye da shi su ne filamen. Shi ke nan.

Malam Garba:
Auwal, rabin maganarka ta tsaya, rabi ta faɗi. Batun tsawo a ajiye shi gefe. Akwai furannin da filamen ɗinsu ya zarce sitayil, kuma mai zane ba ya bin ka bashin ya tsawaita wani ya gajarta wani.

Rabi, ki daina kallon karan a daidai inda layin ya taɓa shi, domin a wannan wurin babu abin da ya raba su, duk zare biyu ne. Ki ɗora bakin fensir a kansa ki bi shi sama har ƙarshe, sannan ki dawo ki bi shi ƙasa har ƙarshe. Idan a sama ya ƙare da 'yar jaka mai ɓari biyu, da layi a tsakiyarta kamar ƙwayar alkama, wannan anta ce, karan da ke ɗauke da ita kuma filamen ne. Idan a sama ya ƙare da dunƙule ɗaya ko ya rabu 'yan rassa, to sitigma ce, karan kuma sitayil.

Saman yakan dushe a fotokwafi, har anta da sitigma su koma ɗigon baƙi iri ɗaya. Shi ya sa na fi amincewa da ƙasan. Sitayil daga kan obari, wato kumburin ƙasa, yake fitowa, layukan gefensa biyu suna buɗewa su zama bangon kumburin nan ba tare da yankewa ba, kamar wuyan gora da cikinta. Filamen kuwa yana wuce obari ta gefe ya sauka a gindin fure, ko ya manne a jikin fetal, wato babban ganyen fure. Duba zanenki ki gaya mana inda karan II ya sauka.

Rabi:
Na bi shi Malam. Ya sauka a gefen kumburin, kusa da inda babban ganyen fure ya fito. Ashe layin II ɗin ya ratsa ta kan wasu abubuwa kafin ya tsaya, ni kuma idona ya ci gaba da shi har tsakiya.

Malama Hadiza:
Wannan shi ne ke cin makin yara fiye da rashin karatu. Layin lakabi yana iya ratsa fetal, ya ratsa wani filamen, amma abin da ake tambaya shi ne inda bakinsa ya tsaya, ba abin da ya bi ta kai ba. Ki ɗora rula a ƙarƙashin layin ta rufe abin da ke ƙasa, ki bi shi daga lambar zuwa inda tawada ta ƙare. Idan akwai ɗigo a bakin layin, abin da ɗigon ke kai shi ne amsa.

Layinki na III ma tarko ne irin wannan. Ya taɓa ƙwallo ɗaya a ciki, don haka amsar obul ce, ba obari ba. Da a jikin bangon kumburin ya tsaya, ko an yi baka an rungume kumburin duka, sai a ce obari. A Turanci sunayen biyu sun yi kama, kuma kuskuren ba ya tsayawa nan, domin tambayar da ke biye yawanci ita ce: me III zai zama bayan barbara ta kama? Obul yana zama iri. Obari yana zama ɗan itacen gaba ɗaya. A kwanson wake, kowace ƙwayar wake obul ce a da, kwanson kuma obari ne. Wanda ya kuskure sunan ya kuskure wannan ma, maki biyu sun tafi a layi ɗaya.

Sagir:
Ni abin da zan ƙara, a yi amfani da fensir mai kaifi, kada a yi inuwa ko a shafa baƙi, layukan lakabi a ja su da rula kada su gitta juna, kuma kada a sa musu kan kibiya. A rubuta take, a rubuta yawan ƙarin girma. Idan an ce zane ya zama santimita 8 zuwa 10, a auna da rula kafin a fara.

Malama Hadiza:
Sagir, duk abin da ka faɗa daidai ne, amma na wanda aka ce ya zana da hannunsa ne. Ita an ba ta zanen a buge, sunaye ake nema. Sai dai tunda ka taɓo ƙarin girma, akan haɗa shi da zanen da aka buga. A ce maka ainihin furen milimita 30 ne, ka nemo sau nawa aka ƙara shi. Ka auna zanen, ka ga santimita 9. Wanda ya yi gaggawa sai ya raba 9 da 30 ya sami 0.3, ya ce an rage furen, alhali idonsa na ganin an ƙara. Sai an mayar da su awo ɗaya: milimita 90 a raba da 30, amsa ×3. Tsawon zane a sama, tsawon ainihin abu a ƙasa, kuma ba a rubuta santimita ko milimita a jikin amsar.

Sagir:
Na karɓa Malama, ban karanta tambayar da kyau ba.

Auwal:
To amma Malam Garba, maganar tsakiya fa? Ka ce rabi ta tsaya. Abin da ke tsakiyar fure ai sitayil ne ko yaushe.

Malam Garba:
A yawancin zanen da za a ba ku, eh. Amma akwai dangi guda da ke karya wannan, kuma shi ne ya cika gonakinmu: kuɓewa, rama, yakuwa da auduga. Ka tsinko furen kuɓewa da safe kafin ya rufe. Za ka ga ginshiƙi ɗaya a tsakiya, jikinsa duk ƙananan antoci masu ruwan ɗorawa, a samansa kuma dunƙulen sitigma ja mai duhu. Ɗalibi yana ganin ginshiƙin nan sai ya ce sitayil. Ba shi ba ne. Filamen ne masu yawa suka haɗe suka zama bututu, sitayil yana ɓoye a cikinsa.

Ka sa reza ka tsaga bututun a hankali daga sama zuwa ƙasa, ka buɗe shi da farce. Farin zare zai bayyana a ciki, wanda bai manne da bututun ba, ka bi shi ƙasa ya kai ka kan 'yar ƙaramar kuɓewa. Wannan zaren ne sitayil. A zane kuwa, za ka ga layuka huɗu a jere a ginshiƙin: biyu na waje bututun filamen ne, su ne antoci ke tsirowa daga jikinsu, biyu na ciki sitayil ne. Idan bakin layin lakabi ya tsaya a na waje, amsar bututun sitamen ce, sitamen kuwa shi ne anta da filamen a haɗe. Idan ya kutsa ciki, ko ya taɓa zaren a sama inda ya riga ya fito daga bututun, sitayil ne. Ka ga dokar bin kara sama da ƙasa ta yi aiki a nan ma, dokar tsakiya ce ta gaza.

Dangin nan suna da wani tarko a ƙasa. Ƙarƙashin sefal, wato ƙananan ganyayen da ke wajen fetal, akwai wani zagaye na siraran ganyaye, shi ne efikalis. A zoɓo kowa ya san su, 'yan yatsun nan da ke gindin ɓawon. Jan ɓawon da ake jiƙawa a sha kuwa sefal ne da suka yi kauri. Don haka idan zane ya nuna zagaye biyu na ƙananan ganyaye a waje, na ciki sefal, na waje efikalis. Rabi, naki zagaye nawa ne?

Rabi:
Ɗaya ne Malam, don haka IV sefal ne. Akwai kuma tambaya ta (b) da ta ce a faɗi irin obarin, sufiriyo ko infiriyo. Na rubuta infiriyo saboda yana can ƙasan zanen. Ita ma na faɗi.

Malam Garba:
Ai obari ko yaushe a ƙasan zane yake, ba ƙasan takarda ake nufi ba. Ana auna shi ne da wurin da sefal da fetal suka manne. Ki nemo daidai inda gindin sefal ya haɗu da jikin fure, hagu da dama, ki ja layi a kwance da fensir tsakanin wuraren biyu. Idan kumburin yana zaune a saman layin, sufiriyo ne. Idan ya nutse a ƙarƙashin layin, sefal da fetal suna fitowa daga kansa, infiriyo ne. Kin riga kin gaya mana filamen ya sauka a gefen kumburin tare da fetal, to duk suna fitowa daga ƙasansa ke nan. Sufiriyo ne.

Malama Hadiza:
Kasuwa ma tana koyar da wannan. Ɗauki tumatir: 'yar koriyar hular nan, wato sefal, tana wajen kara, ɗan ya girma a samanta. Sufiriyo. Ɗauki gwaba: kara yana gefe guda, busasshen rawanin sefal yana ɗaya gefen, a bakin ɗan. Sefal a kan obari suka fito ke nan. Infiriyo. Furen kabewa mace ya fi kowa nunawa, za ki ga 'yar kabewa a kumbure ƙarƙashin ganyen furen tun kafin ya buɗe. Furen namiji ba shi da kumburin, kara ne siriri kawai.

Inda ake ruɗewa shi ne idan aka tambayi sunan furen maimakon na obarin, don kalmomin suna juyawa. Fure mai obari a sama ana kiransa haifojinos, saboda sauran sassan suna ƙarƙashi. Mai obari a ƙasa efijinos ne, sauran sassan suna sama. Suna ɗaya yana kallon obari, ɗayan yana kallon sefal da fetal. A duba wanne aka tambaya.

Auwal:
To na yarda. Zanen sel dai ba shi da wannan wahalar. In ka ga kulorofilas, koren ƙwayar nan da ke haɗa abinci, tsiro ne, in babu dabba ce.

Malama Hadiza:
Auwal yau kana da rabi-rabi da yawa. Tsakanin tsiro da dabba, in ka ga kulorofilas, tsiro ne, wannan ba gardama. In babu, ba ka gama ba. Fatar albasa da ake ɗorawa a madubin ƙara girma a kusan kowace makaranta ba ta da kulorofilas ko ɗaya, haka sel ɗin saiwa. Abin dubawa shi ne iyakar sel. Layi ɗaya siriri, dabba. Layi biyu, na waje mai kauri, tsiro, domin bango ne a waje da fatar sel a ciki. Sai kuma babban fili fari a tsakiya wanda ya ture nukiliyas gefe, shi ne bakiyul. Kada kuma a dogara da siffa, a ce mai kusurwa tsiro, zagayayye dabba. Sel ɗin da ke gadin ƙofofin iska a ganye siffar ƙoda gare su, kuma tsiro ne.

A zanen da ya dushe, kulorofilas da maitokondiriya ma sukan zama tagwaye, dukansu kamar ƙwai. A leƙa ciki. Idan akwai tari-tari kamar an jera kwabbai, kulorofilas ne. Idan layin ciki ne ya lanƙwasa yana shigowa daga gefe kamar haƙoran mataji, maitokondiriya ce. Kuma sel ɗin tsiro yana iya samun duka biyun, kada wani ya ce tunda tsiro ne dole kulorofilas.

Zinatu:
Malama ni nawa ya sha bamban. A takardarmu layukan iyakar biyu sun haɗe sun zama baƙin layi ɗaya mai kauri, lakabin ya tsaya a kansa. Bango zan ce ko fatar sel?

Malama Hadiza:
Ki duba sauran lakabin tukuna. Idan layi biyu ne suka nufi iyakar, wanda ya fi shiga ciki fatar sel ne, wanda ya tsaya daga waje bango. Idan ɗaya ne tak, ki karanta ƙananan tambayoyin da ke ƙasa, sau da yawa su ke tona asiri. In an ce da me aka gina wannan sashe, bango ake nufi, amsar kuma selulos. In an ce wace rawa yake takawa wajen shige da ficen abubuwa, fatar sel ce. In babu ko ɗaya, ni bango zan rubuta, domin shi ne mai kaurin da ke jure fotokwafi.

Malam Garba:
A nan ban bi ki ba gaba ɗaya, Malama. Idan tambayar kwatanta sel ɗin tsiro da na dabba ce, aka ce a nuna sashen da dukansu ke da shi, layi ɗayan nan fatar sel yake nufi ko da ya faɗa kan baƙin. Gara ɗaliba ta ɗaga hannu ta nemi mai sa ido ya nuna mata takarda mai haske.

Malama Hadiza:
In akwai mai hasken a ɗakin. Wani lokaci duk daga inji ɗaya suka fito.

Zinatu:
Babu wata tambaya a ƙasa, sunan kawai aka nema.

Malam Garba:
To kin faɗa inda babu tabbas. Zaɓi ɗaya ki rubuta. Kada dai ki rubuta biyun da karan tsaye a tsakani, mai duba takarda ba zai zaɓar miki ba.

Rabi:
Saura ta (c). An ce a faɗi abin da ke yi wa furen barbara, a kawo dalilai biyu daga zanen. Na rubuta ƙwari, dalilaina launi mai haske da ƙamshi. An ba ni makin ƙwari, an hana ni na dalilai.

Malam Garba:
Rabi, a zanen baƙi da fari ina kika ga launi? Ƙamshi kuma ta ina ya fito daga takarda? Dalilanki gaskiya ne game da furannin da ƙwari ke ziyarta, amma an ce daga zanen, don haka sai abin da ido ke gani. Ki ce fetal manya ne a buɗe. Ki ce anta da sitigma suna cikin fure, ba su leƙo waje ba. Ki ce sitigma dunƙule ce, ba mai gashi ba. Idan an zana 'yan kumburi a gindin fetal ko kewayen obari, wurin zuma ne, shi ma dalili ne.

Kishiyarsa ita ce furen ciyawa da hatsi, wanda iska ke yi wa aiki. A zane ba za ki ga fetal na kirki ba. Filamen dogaye ne sun sunkuyo waje, antoci manya suna reto a bakinsu, sitigma kuma kamar gashin tsuntsu don ta cafke bununin da iska ta kwaso. Masara ta raba abin gida biyu: bununi yana fitowa daga kan da ke sama, gemun da ke jikin goyo kuma shi ne ɓangaren mace mai karɓa. Kowane zaren gemu yana zuwa ga ƙwaya ɗaya, shi ya sa goyon da bununi bai wadace shi ba yake fitowa da giɓi.

Auwal:
Wato gemun masara sitayil ne? Ni na ɗauka sitigma ce.

Malam Garba:
Littattafai ma ba su haɗu a kan suna ɗaya ba. Wasu na ce wa zaren sitayil, wasu sitigma, domin jikinsa na da 'yan gashi masu kama bununi kusan duk tsawonsa, ba baki kaɗai ba. In an tambayi gemun gaba ɗaya, a rubuta sitayil da sitigma, a nan haɗawar daidai ce don abu ɗaya ne yake aikin biyun.

Malama Hadiza:
Abu ɗaya da ban ga an taɓo ba: ɗaya da jam'i. Layi ya taɓa ganye ɗaya, a rubuta fetal. Idan aka yi baka aka haɗa ganyayen duka, sunan zagayen ake nema, korola. Haka sefal da kalis. Baka ta rungumi anta da filamen tare, sitamen ke nan. Ta rungumi sitigma, sitayil da obari, fistil ko kafel. Don haka kafin a rubuta komai a duba, layi ne ko baka. Sunayen kuma mu nan yadda muke furta su muke rubutawa, a takardar jarrabawa sai rubutun Turancinsu harafi da harafi, a kwafe su daga littafi har hannu ya saba.

Rabi:
Na sake bin zanen. I sitigma, II filamen, III obul, IV sefal, obari sufiriyo. Akwai kuɓewa a bayan gida, gobe da safe zan tsaga furen in nemi zaren.

Malam Garba:
Ki tsinko biyu. Ɗaya ki tsaga bututun kawai. Ɗayan ki ɗora a kan katako, ki fara yanka daga kara ki yi sama ta tsakiyar obari, da sabuwar reza, a ja ɗaya. In kika fara daga sama, fetal za su naɗe, reza ta kauce, ki sami ɓari ɗaya da obari duka ɗayan ba komai. Yauƙi zai dame ki, ki riƙa goge rezar da tsumma.

Zinatu:
Furen yakuwa zai yi? Ba mu da kuɓewa.

Malam Garba:
Zai yi, gini ɗaya ne, sai dai bututunsa gajere ne, zaren zai yi wuyar kamawa. In da gonar rama kusa, nata ya fi girma.